Na yanke wata jimla daga babi na 7, yanzu ina nemanta: yaya kuke ajiye tarihin daftarinku?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Shawara nake nema, ko da ta riga ta wuce, don gaba. Littafin da nake kai ya kusa kammala, kuma a babi na 7 akwai wata hira tsakanin Inna da 'yarta Zulai, ranar da Zulai ta zo ganin gida bayan aure. Watan jiya na ga hirar ta yi tsawo, na rage kusan rabinta. Yanzu da na zo babi na ƙarshe sai na gane akwai wata magana da Inna ta yi a cikin abin da na yanke, wadda ita ce ya kamata Zulai ta tuna a ƙarshen labarin. Abin da kawai ya rage a kaina shi ne "ɗakuna suka yi yawa". Na sake rubuta jimlar ta fuskoki da dama, babu wadda ta zauna kamar ta farko. A Word nake rubutu, fayil ɗaya ne tun daga farkon littafin, kullum a kansa nake adanawa. Akwai hanyar dawo da ita? Sannan ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke yi kada irin wannan ta same ku?

Sagir:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Kwantar da hankalinki, Word ba ya zubar da komai. Yana adana kwafi da kansa duk bayan minti 10, AutoRecover ake ce masa. Ki shiga File, ki duba Info, za ki ga tsofaffin. In ba ki gani ba ki yi ta danna Ctrl+Z har ki isa wurin.

Malam Bashir:
Sagir, minti 10 ɗin gaskiya ne, amma ba aikin da kake nufi yake yi ba. An yi AutoRecover ne don ranar da kwamfuta ta mutu kana tsakiyar rubutu. Kwafi ne na wucin gadi, sabon yana hawa kan tsohon, kuma da zarar ka adana ka rufe fayil lafiya lau, an gama da shi. Shi ma Ctrl+Z iyakarsa zaman da kake ciki. In ka rufe fayil ka sake buɗewa, babu abin da zai tuna. Abin da aka yanke watan jiya ya fi ƙarfinsu su biyun.

Maman Hanif, kafin ki taɓa komai, ki yi kwafin fayil ɗin yadda yake yanzu ki ajiye gefe. Sannan ki amsa mini waɗannan. A ina fayil ɗin yake zaune, a cikin kwamfutar kawai ko a OneDrive? In a OneDrive yake, to a File, Info, akwai Version History, kuma can za ki iya samun tsofaffin. In a cikin kwamfutar kawai yake, danna masa dama, Properties, Previous Versions. Sau da yawa wurin fayau yake, sai in an taɓa kunna File History. Tambayar da na fi sa rai a kanta kuwa ita ce: kin taɓa tura wa wani babin nan kafin ki rage shi? Ƙawa, mai duba miki rubutu, ko ke kanki ta imel? Mafi yawan jimlolin da na ga an ceto, daga hannun wanda aka tura wa aka karɓo su.

Ummi:
Wayyo Anti, Allah ya mayar da alheri. Ni ma haka ta faru da ni, wayata ta faɗa ruwa da babi goma sha a ciki, ko ɗaya ban samu ba. Tun daga nan duk abin da na rubuta sai na ɗora shi a Google Drive. Ki riƙa yin haka, ko kwamfutar ta lalace littafinki yana nan.

Malam Bashir:
Ummi, shawararki tana da kyau, amma wata cutar take magani. Littafin Maman Hanif bai ɓata ba, yana nan cif. Abin da ya ɓata shi ne yadda littafin yake a wata rana da ta wuce. In kina ɗora fayil ɗaya kina maye gurbinsa kullum, abin da kika tanada shi ne na yau. Drive yana riƙe tsofaffin na ɗan lokaci, a ƙarƙashin Manage versions, amma ga fayil irin na Word da aka ɗora, yana iya share tsohon bayan kwana 30 ko bayan an tara 100, sai wanda kika sa wa Keep forever. Mai rubuta littafi kuma ba kasafai yake gane ya yi asara cikin kwana 30 ba. Sai ya kai ƙarshen labari, kamar yadda ya faru yanzu.

Ummi:
Au, ashe ban fahimci tambayar ba. Amma dai kwana 30 ɗin nan ban san da shi ba, bari in je in duba nawa.

Anti Rabi:
Ni fa ra'ayina daban ne, kuma na san ba zai yi muku daɗi ba. Ranar da kika yanke jimlar nan, da hankalinki kika yanke ta, kina kallon babin gaba ɗaya. Yau kuma ba jimlar kike tunawa ba, daɗin da kika ji ranar da kika rubuta ta kike tunawa. Na sha tono tsofaffin baitocina ina ɗokin ganinsu, in same su ba su kai yadda na zata ba. Wadda za ki rubuta yanzu, da kin san ƙarshen labarin, za ta fi dacewa da shi. Ki bar ta ta tafi.

Maman Hanif:
Anti Rabi, na ji, kuma mai yiwuwa ki yi gaskiya. Amma ko don in gan ta in ce ashe ba ta kai ba, ina son ganinta. Yanzu ko gaba na kasa yi.

Malam, a cikin kwamfutar kawai yake, kuma Previous Versions babu komai. Amma tambayarka ta ƙarshe ta tuna mini: na taɓa tura wa ƙanwata babi na 5 zuwa na 8 ta imel. Na duba akwatin saƙonnin da na aika, fayil ɗin yana nan. Zan buɗe in an jima.

Malam Bashir:
Madalla. Kada ki zauna karanta su gefe da gefe da ido, za ki gaji ki tsallake abu. Ki sauke tsohon ki canza masa suna. Ki kwafe babi na 5 zuwa na 8 daga littafin na yanzu ki zuba a sabon fayil, don su zama tsawo ɗaya. Sai ki shiga Review, Compare, ki sa tsohon a Original document, sabon a Revised document. Word zai fito miki da fayil na uku, duk abin da kika cire yana ciki da layi a tsakiyarsa. Ba Inna kaɗai ba, za ki ga duk abin da ya fita daga babi huɗun nan tun ranar da kika aika.

Sagir:
To ai da ta kunna Track Changes tun farko da duk wannan bai taso ba. Ctrl+Shift+E kawai. Duk abin da ka goge yana nan a ja, ba ya tafiya.

Malam Bashir:
Yana nan, har ranar da ka danna Accept All Changes. Daga nan jan ya tafi da abin da ke cikinsa. Kuma dole wata rana ka danna, don ba wanda zai iya jin sautin sakin layi alhali rabinsa jajayen kalmomi ne masu layi a tsakiya. Akwai kuma wani abin da mutane ba su lura da shi ba: in kai ka rubuta jimla Track Changes yana kunne, sannan kai ɗin ka goge ta kafin a amince da ita, ɓacewa take yi gaba ɗaya, ba ta zama ja. Track Changes na magana ne tsakanin marubuci da edita a zagaye ɗaya na gyara. In za ka yi amfani da shi a matsayin tarihi, to ka adana kwafi mai jan kafin ka amince da gyare-gyaren.

Sagir:
Wannan na biyun ban yarda ba sai na gwada.

Sagir:
Na gwada. Haka ne, ta ɓace.

Maman Hanif:
Na dawo. Compare ya yi aiki, kuma na same ta, amma ba ita ba ce. Ga abin da ke cikin wanda na tura wa ƙanwata:

"Tun da kika tafi ɗakunan gidan nan suka yi mini yawa."

Wannan ta farko ce. Na tabbata bayan na aika na sake taɓa ta, na ƙara wani abu game da ƙunci, yadda maganar ta juya a tsakiya, mai karatu ya zata Inna kukan ƙaramin gida take yi sai ya ga akasin haka. Waccan ce nake nema. An haife ta bayan imel ɗin, ta mutu kafin in sake tura wa kowa. Da ganin wannan ɗin dai na iya sake ginawa:

"Gidan nan bai taɓa yi mini ƙunci ba sai da kika fita, ɗakuna suka yi yawa."

Ban sani ba ko haka take kalma da kalma, amma ta kusa, kuma ta zauna. Abin mamaki, a cikin jan na ga wani ɗan guntu da na manta da shi sam, inda Inna take gyara wa Zulai ɗankwali ba tare da ta ce komai ba. Shi ma zan mayar.

Malam Bashir:
Alhamdu lillahi. Abin da ya same ki shi ne ainihin matsalar, don haka bari in ɗan tsawaita. Kowane irin tarihi, na Word ne ko na Google ko na takarda, abin da yake riƙewa shi ne yadda rubutu yake a lokacin da aka ɗauki kwafi. Jimlar da ta rayu tsakanin kwafi biyu ba ta cikin ko ɗaya. Saboda haka tambayar ba ita ce sau nawa za ki adana ba, a wane lokaci za ki adana ita ce. Masu cewa duk Juma'a ko duk ƙarshen wata suna bin kalanda, alhali asara ba ta bin kalanda. Ranar yanka ake yin ta. Ni ƙa'idata ɗaya ce: kafin in fara rage wani babi, sai na ɗauki kwafinsa. Ranar da nake ƙara rubutu kawai ban damu ba, don babu abin da ke fita.

Sunan fayil kuma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Nawa haka suke:

```
babi07_2024-03-09_kafin-rage-hirar-inna.docx
babi07_2024-04-02_kafin-gyaran-edita.docx
babi07.docx
```

Shekara a gaba, sai wata, sai rana, kowanne da sifilinsa. In kin yi haka kwamfuta za ta jera su bi da bi da kanta. In kika fara da rana, 2 ga Afrilu zai hau kan 9 ga Maris, jerin ya rikice. Kada kuma ki dogara da ranar da kwamfuta take nunawa a gefen fayil, tana canzawa in kin buɗe kin taɓa wani abu kin adana. Na ƙasan nan marar rana shi ne kaɗai ake rubutu a ciki. Masu rana suna cikin wata folda daban, ba a gyara su, ko da kin ga kuskuren rubutu. Guntun bayanin da ke ƙarshen sunan shi ne zai cece ki bayan wata shida, don ba za ki tuna ranar ba, amma za ki tuna kin taɓa rage hirar Inna. Sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe" kuwa, kowa a nan ya san inda suke kai mutum.

Sai abu na biyu, wanda na fi amfani da shi a kan kwafin ma. Ina da fayil guda na yankakku ga kowane littafi. Duk abin da zan cire da ya kai jimla cikakkiya, ba na goge shi, Ctrl+X nake yi in kai shi can. A samansa in rubuta layi ɗaya: rana, babi, bayan wace jimla yake, da dalilin cirewa. Naki da zai zama kamar haka: "Babi 7, bayan Zulai ta ajiye jaka, na cire don hira ta yi tsawo." Amfaninsa shi ne wuri ɗaya ake nema. Da Ctrl+F da kalma biyu da kike tunawa, kin same ta, ba sai kin buɗe fayil ashirin ba.

Anti Rabi:
Malam, dalilin cirewar nan da ka ce a rubuta, shi kaɗai ne ya burge ni a duk bayaninka. Domin in dalilin "hira ta yi tsawo" ne, jimlar ba ta da laifi, wurin ne ya yi mata kaɗan, ana iya dawo da ita. In kuma dalilin "Inna ba za ta faɗi haka ba" ne, to duk kyanta kada ta dawo. Tsorona da fayil ɗin yankakku shi ne wannan: mutum ya gaji, ya rasa abin rubutawa, ya shiga can ya yi ta kwaso abin da ya riga ya yanke wa hukunci. Na taɓa duba wa wata littafi na ga magana ɗaya sau biyu, a babi na 3 da na 11. Ta ɗauko daga yankakku, ta manta ta riga ta mayar da ita a baya.

Malam Bashir:
Wannan yana faruwa, Hajiya. Maganinsa in an mayar da abu a rubuta a gefensa "an mayar, babi kaza", kuma kafin a liƙa a nemi kalmominsa a cikin littafin. Amma ni a wurina fayil ɗin hannu yake sakar mini. Na fi yanka ba tausayi in na san abin yana ajiye. Mafi yawan abin da ke ciki ban taɓa komawa kansa ba.

Anti Rabi:
Ka ga kuwa ka faɗa da bakinka. Mafi yawa ba a komawa.

Malam Bashir:
Ba a komawa, amma ba ki san wanne ne za a koma wa ba sai ranar ta zo.

Abba:
Salam. Na makara, amma ku bar ni in kawo nawa. Duk wahalar nan ta sa wa fayil suna da hannu, akwai manhajar da aka yi don ita tun 2005, Git. Masu rubuta manhaja ne suka fi amfani da ita amma ba ruwanta da abin da ke cikin fayil, in dai rubutu ne zalla. Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet. Sau ɗaya za ka buga `git init` a cikin foldar littafin. Daga nan duk lokacin da za ka yi yanka, sai ka fara ɗaukar kwafi, wanda ake ce wa commit:

```
git add babi07.txt
git commit -m "kafin rage hirar Inna da Zulai"
```

Inda ta fi komai shi ne nema. A ce Maman Hanif tana amfani da ita, sai ta buga:

```
git log -S"suka yi yawa" --oneline -- babi07.txt
```

Zai kawo wuraren da adadin waɗannan kalmomi ya canza a fayil ɗin, wato inda jimlar ta shiga da inda ta fita, sabon a sama. Kowanne da gajeriyar lambarsa. A ce lambar na saman `a1b2c3d` ce, to wannan zai nuna babin yadda yake dab da cirewar:

```
git show a1b2c3d~1:babi07.txt
```

Ba ka buɗe fayil ko ɗaya ba, kuma na yanzu bai motsa ba.

Maman Hanif:
Abba, Allah ya yi albarka, amma kaina ya yi zafi tun daga layi na biyu. A Word ɗin zan buga wannan?

Abba:
A'a Anti, kuma gaskiya nan ne matsalar. Fayil ɗin .docx a dunƙule yake, Git za ta adana shi amma ba za ta iya leƙa ciki ta nemo jimla ba, sai an yi mata wani ƙarin shiri. Sai kin koma rubutu a .txt ko .md, babu zaɓen girman harafi, babu kwantar da rubutu da maɓalli. Wani abin kuma, neman yana bin harafi da harafi. In ranar kin rubuta "dakuna" ba ƙugiya, yau kika nemi "ɗakuna", ba zai samu ba. Shi ya sa na zaɓi "suka yi yawa" a misalin, babu harafi mai ƙugiya a ciki.

Malam Bashir:
Shawarar ƙarshen nan ta shafi kowa, har mai Ctrl+F: ku nemi guntun da ba shi da ƙugiya ko alamar ɗauri, don waya da kwamfuta ba lallai su rubuta su iri ɗaya ba. Amma Abba, amsa mini. Da Maman Hanif ta yi commit ranar da ta tura wa ƙanwarta, ba ta sake yi ba sai bayan ta rage hirar, me `-S` zai kawo mata?

Abba:
Tsohuwar jimlar kawai. In ma ta nemi "suka yi yawa" ba zai kawo komai ba, tunda a tsohuwar "suka yi mini yawa" ne.

Malam Bashir:
To ka gani. Git ɗinka ta fi foldata iya nema nesa ba kusa ba, ban musa ba. Amma ita ma sai an tuna an ɗauki kwafi kafin yanka.

Baban Zahra:
Shi ya sa ni Google Docs nake amfani da shi, ba sai na tuna komai ba. Yana ɗauka da kansa ina cikin rubutu. A kwamfuta, File, Version history, See version history, ko Ctrl+Alt+Shift+H. Jerin ranaku zai fito a dama, ka danna wadda kake so, abin da aka cire ya fito da layi a tsakiyarsa. Da a nan Maman Hanif take rubutu da jimlarta ta tsakiya ma tana nan.

Malam Bashir:
Mai yiwuwa tana nan, kuma a wannan ya fi duk abin da muka ambata. Amma abu biyu. Google da kansu sun ce ana iya haɗe tsofaffin sauye-sauye wuri ɗaya, don haka ƙananan matakan da kake gani yau ba lallai ka same su a rarrabe ba bayan an daɗe. Na biyu, babu akwatin da za ka rubuta kalma ya bincika maka duk tarihin. Sai ka yi ta buɗe ranaku ɗaya bayan ɗaya kana zato. Littafin da aka yi shekara ana rubutawa, wannan aiki ne. Abin da ke rage wahalar shi ne Name current version: kafin yanka ka sa masa suna, daga baya ka tace jerin ya nuna masu suna kaɗai. Ka ga mun koma kan ƙa'idar ɗazu.

Baban Zahra:
Ina sa suna wani lokaci. Amma ni Restore this version nake tsoro, ban taɓa dannawa ba, kada ya share mini aikin wata biyu.

Abba:
Ba ya sharewa, na yanzun yana zama a cikin tarihin, kana iya komowa kansa. Amma don jimla ɗaya ba ka buƙatarsa. Buɗe tsohon, kwafi jimlar, koma na yanzu ka liƙa. In babin duka kake so, a ɗigo ukun da ke gefen ranar akwai Make a copy, ya ba ka shi a fayil daban.

Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne Make a copy na cikin File. Sabon fayil ɗin ba ya zuwa da tarihi, daga ranar yake farawa. In ka yi kwafi ka ci gaba da aiki a kansa ka goge na asali, tarihin ya tafi tare da shi. Haka in ka sauke shi a matsayin .docx.

Baba Ɗanlami:
'Ya'yana, ina ta karanta ku. Mu da muka fara da biro, abin da aka koya mana shi ne layi ɗaya ake ja a kan kalma, ba a murje ta, don a iya karanta abin da ke ƙasa. Shafi ɗaya sai ka ga jimla uku a kan juna, ta farko da ta biyu da wadda ta tsaya. Har yau kafin in yi babban gyara sai na buga babin a takarda, in rubuta rana a samansa, in yi yankan da biro tukuna. Nema dai da wuya, na yarda, sai an zauna an yi ta buɗe shafi.

Ummi:
Baba, mu da waya muke rubutu fa, babu Ctrl ɗin komai. Ni abin da zan iya shi ne in tura wa kaina a WhatsApp duk abin da zan yanke, tunda akwai nema a ciki kuma kowane saƙo da ranarsa. Ya yi?

Malam Bashir:
Ya yi, fayil ɗin yankakku ne a wata riga. Ki fara kowane saƙo da sunan littafi da lambar babi, don nema ya yi sauƙi. Ki tabbata saƙonni masu ɓacewa da kansu ba a kunne suke ba a wannan hirar. Kuma tunda wayarki ta taɓa shan ruwa, lokaci-lokaci ki riƙa fitar da hirar da Export chat ki ajiye a Drive ɗin naki.

Anti Rabi:
Maman Hanif, tambaya ɗaya. Yanzu da kina da biyu a hannu, ta imel da wadda kika sake ginawa, wacce za ki sa? Don ni ta imel ɗin ta fi kama da bakin tsohuwa. Ta biyun marubuciya ce take magana.

Maman Hanif:
Anti, kin sa ni shakka. Na sa ta biyun a babi na 7 ɗazu. Na buɗe fayil ɗin yankakku, ta farkon ce abu na farko da na zuba, da dalili: "Anti Rabi ta ce ta fi." Zan bar su su kwana.

Baban Zahra:
Malam, wata tambayar daban. Na ga an ce masu suna a Docs ba sa wuce 40 a fayil ɗaya. Littafina babi 32 ne, duka a fayil guda. In kowane babi zan sa suna kafin in rage shi, zagaye ɗaya na gyara ya kusa cinye su. In raba littafin babi-babi ne?

Malam Bashir:
40 ɗin haka ne. In ka raba, kowane babi ya samu 40 nasa, kuma tarihin ya yi sauƙin bi. Amma sababbin fayilolin za su fara ne ba tarihi, don haka kada ka goge babban. Kuma duk sakin layin da ka ɗauke daga babi na 4 ka kai na 9, a can zai fito kamar an goge, a nan kamar sabo.

Abba:
Ni da na bar shi a haɗe, in sa suna sau ɗaya a kowane zagaye, ƙananan yankan su tafi fayil ɗin yankakku. Ka fi yawan matsar da abu tsakanin babi da babi, ko a cikin babi ɗaya kake gyara?

Baban Zahra:
Tsakanin babi da babi, sosai ma. Labarin mutum uku ne a sarƙe, kullum ina sauya wanda zai riga wani. Bari in gwada raba babi biyar na farko in ga yadda zai kasance.